Yadda ake amsa DN idan kwastan ta ɗaga ƙimar kayanka

Kwantena ta sauka a Apapa, ka biya kuɗin fito, an buɗe an duba, kana jiran a ce maka an ɗora ta a mota za ta kamo hanyar Kano. Sai ejan ɗinka ya bugo waya da sanyin murya: "Alhaji, sun buga mana DN." Daga nan mafi yawan 'yan kasuwa sukan yi ɗaya cikin biyu. Wani ya tura kuɗin nan take don gudun dimareji, wato kuɗin jinkirin kwantena, ko takardar bai gani ba. Wani kuma ya rantse ba zai ƙara ko kwabo ba, ya bar kwantena a tasha har kuɗin ajiya ya wuce abin da ake rigima a kai. Akwai hanya ta uku, kuma da takarda ake bin ta, ba da waya ba.

DN takarda ce da hukumar kwastan ke neman cikon kuɗin fito da ita, idan ta ga abin da ka biya bai kai abin da ya kamata ba. Ba hukuncin ƙarshe ba ce. Ana amsa ta, ana rage ta, ana ma soke ta. Amma wanda ke iya nuna sawun kuɗinsa tun daga asusunsa har zuwa hannun mai sayarwa shi ne ke cin nasara.

Domin kada mu yi ta magana a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ɗan kasuwar Sabon Gari ya sayo fankar tsaye guda 2,000 daga China, mai inci 16, kowace ɗaya dala 11. Jimlar kuɗin kaya a tashar da aka yi lodi, wato FOB, dala 22,000 ke nan. Jigilar jirgi dala 3,900, inshora dala 100, jimlar ukun, wato CIF, ta zama dala 26,000. Kwastan ta duba ta ce ba ta yarda da dala 11 ba, ta mai da kowace fanka dala 16.

Mataki na farko: ka ga takardar da idonka, ka gano abin da aka canza

Kada ka tattauna a kan adadin da aka faɗa maka ta waya. Ka ce wa ejan ya turo maka hoton DN ɗin gaba ɗaya, da SGD, wato takardar bayyana kaya da ya shigar wa kwastan, da PAAR, wato rahoton ƙimar kaya da kwastan ke fitarwa tun kafin a shigar da su, da takardar lissafin haraji ta farko, da rasit ɗin banki na abin da aka riga aka biya. Ka tabbata lambar shigarwar kayan da lambar kwantenar da ke jikin DN naka ne. DN ta gaskiya tana cikin na'urar kwastan, a banki ake biyan ta, kuma kuɗin na shiga asusun gwamnati. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin DN cikin asusunsa ya je ya "sasanta", to ka sani ko da kwantenar ta fito, gibin yana nan a rubuce da sunan kamfaninka, kuma zai iya tarar ka a hanya ko bayan shekara.

Sannan ka ajiye SGD da DN gefe da gefe, ka bi su layi-layi. Abubuwa huɗu ne ke sa lissafi ya tashi, kuma kowanne da irin amsarsa. Ko dai an ɗaga farashin kaya, ko an canza lambar HS, wato lambar rukunin kaya da ake yanke haraji da ita, zuwa wadda harajinta ya fi yawa, ko an ƙirga kaya an samu sun fi abin da aka rubuta, ko kuma an canza kuɗin jigila ko farashin canjin dala. Na sha ganin mutum ya kwashe mako yana kawo shaidar farashi, alhali ba farashin aka taɓa ba, lambar HS aka sauya. Idan rigimar ta lamba ce, abin da za ka kawo shi ne bayanin yadda kayan yake da aikin da yake yi. Fankar gida mai injin lantarki da bai wuce wat 125 ba tana ƙarƙashin 8414.51, sai ka nuna ƙarfin injin daga takardar masana'anta. Idan kuwa ƙirga ce, aka samu kwali 2,150 a maimakon 2,000, babu wata doguwar magana, sai dai ka nemi a sake ƙirgawa a gabanka, in ya tabbata ka biya. A misalinmu lamba ba ta canza ba, adadi bai canza ba, farashi kaɗai aka ɗaga. Shi za mu bi.

Mataki na biyu: ka yi lissafin da kanka

Mutane kan ɗauka cewa idan harajin kaya kashi 20 ne, to ƙarin ma kashi 20 na bambancin ne. Ba haka yake ba, domin sauran kuɗaɗen a kan juna suke hawa. Mu ɗauka dala tana naira 1,500 a na'urar kwastan ranar, kuma layin kayan yana kan kashi 20. Tsarin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne wannan:

```
Duty      = 20% x CIF
Surcharge = 7% x Duty
CISS      = 1% x FOB
ETLS      = 0.5% x CIF
VAT       = 7.5% x (CIF + Duty + Surcharge + CISS + ETLS)
```

A kan dala 11, CIF naira miliyan 39 ne, kuma abin da mai fanka ya biya gaba ɗaya ya kama naira 12,461,325. A kan dala 16, CIF ya koma naira miliyan 54, jimlar ta zama naira 17,278,950. Bambancin, naira 4,817,625, shi ya kamata ya bayyana a DN. Wato duk naira ɗaya da aka ƙara wa ƙimar kayan tana jawo kusan kwabo 32. Idan adadin da ke jikin takardar ya fi wannan, ka nemo dalili: ko an ɗora tara, ko an yi amfani da wani farashin canji, ko kuskuren lissafi ne. Tara daban take da cikon haraji, kuma idan ƙimar da aka ɗora ta faɗi, dalilin tarar ma ya raunana, don haka a wasiƙarka ka ambace su daban-daban.

Ƙananan kuɗaɗen nan suna canzawa. A 2025 an shigo da cajin kashi 4 na FOB, aka dakatar, aka dawo da shi, aka sake dakatarwa. Saboda haka ka yi aiki da layukan da ke jikin takardar lissafinka, ba da abin da ka haddace bara ba.

Mataki na uku: ka san ƙa'idar da aka ɗaure kwastan da ita

Jami'in ƙima ba shi da ikon sa farashin da ya ga dama. Najeriya tana cikin Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya tun 1995, kuma yarjejeniyar ƙungiyar kan ƙimar kaya ita ce ginshiƙin da dokar hukumar kwastan ta 2023 ta hau a wannan fanni. Ƙa'idar farko a cikinta ita ce, ƙimar kaya shi ne kuɗin da aka biya a zahiri, ko za a biya, lokacin da aka sayar da kayan don a kawo su ƙasar, tare da wasu ƙare-ƙare da aka lissafa. Ba farashin kasuwar Alaba ba, ba abin da maƙwabcinka ya saya ba. Abin da kai ka biya.

Kwastan tana da damar yin shakka, kuma sau da yawa shakkar tana da tushe, domin rage farashi a inbois ba baƙon abu ba ne a harkar nan. Amma idan ta yi shakka, sai ta nemi ƙarin bayani, ta ba ka damar amsawa, kuma idan ka nema a rubuce ta faɗa maka dalilinta a rubuce. Sai bayan ta ƙi farashinka da hujja ne za ta koma wasu hanyoyi, su ma bi da bi, ba tsallake ba. Da farko farashin kaya iri ɗaya sak, daga ƙasa ɗaya, da aka fitar a daidai lokacin. In babu, kaya masu kama da shi. In babu, a ɗauki farashin da ake sayar da kayan a cikin Najeriya a cire riba da kuɗin mota da haraji. In babu, a lissafa kuɗin da aka kashe wajen ƙera shi. Ta ƙarshe ita ce a sassauta ɗaya daga cikin waɗannan gwargwadon hankali.

Abubuwa biyu a cikin yarjejeniyar suna da amfani ƙwarai ga mai amsa DN. Na ɗaya, ta haramta amfani da farashi mafi ƙaranci da aka yanka wa kaya tun kafin a ga takardunsu, da farashin da aka ƙirƙira ba tushe. Adadin da ke cikin rumbun bayanan kwastan yana iya zama dalilin yin tambaya, amma ba ya zama ƙima shi kaɗai. Na biyu, idan an samu farashin kaya iri ɗaya fiye da guda, mafi ƙanƙanta ake ɗauka, kuma dole a daidaita bambancin yawa da na matakin ciniki. Wanda ya sayi 300 daga hannun dillali ba farashinsu ɗaya da wanda ya sayi 2,000 daga masana'anta ba.

Mataki na huɗu: ka bi sawun kuɗinka

Nan ne shari'ar take, kuma nan ne 'yan kasuwarmu suka fi rauni. Inbois kaɗai ba ya gamsar da kowa, domin inbois ɗin ne ake shakka. Abin da ke gamsarwa shi ne takardu da dama, daga hannaye daban-daban, duk suna faɗin adadi ɗaya.

Ka jera su yadda cinikin ya gudana. Takardar tayin farashi wadda aka buɗe Form M da ita, wato fom ɗin shigo da kaya da ake buɗewa ta banki. Saƙonnin cinikin da kuka yi da masana'anta, ko ta imel ko ta WhatsApp ko WeChat, inda ake ganin ya ce 13, ka ce 10, kuka tsaya a 11 saboda ka ɗauki kwantena cike. A fitar da su a takarda da kwanan watansu, waɗanda ke cikin wani harshe a fassara. Sai inbois na ƙarshe, da jerin kaya, da takardar lodi ta kamfanin jirgi, da rasit ɗin jigila, da takardar inshora. A saman su duka, shaidar biya: takardar SWIFT ta tura kuɗi waje daga banki, da bayanin asusunka mai hatimin banki, inda ake ganin kuɗin sun fita, sunan wanda ya karɓa kuma shi ne sunan da ke kan inbois.

Mai fankarmu ya biya kashi 30 tun farko, dala 6,600, sannan ya cika dala 15,400 kafin lodi. Biyun sun haɗu sun ba da 22,000 daidai, kuma asusun masana'antar suka shiga. Wannan shi ne irin fayil ɗin da jami'i ba ya iya turewa cikin sauƙi.

Matsala tana zuwa ne idan ta hannun ɗan canji aka biya. Ka ba wani naira a Wapa, abokin hulɗarsa a Guangzhou ya miƙa yuwan ga masana'anta, babu SWIFT, babu sunanka ko'ina. Ba a ce ka faɗi ba, amma sai ka ɗinke gibin da kanka: shaidar nairar da ka tura da ranarta, farashin canjin da aka yi maka, rasit daga wanda ya miƙa kuɗin a can, da wasiƙar masana'anta mai hatimi da ke cewa ta karɓi kaza a rana kaza a kan inbois mai lamba kaza. Ka kuma roƙi mai sayarwa ya turo maka kwafin takardar da ya shigar wa kwastan ɗin ƙasarsu lokacin fitar da kayan. Idan adadinta ya yi daidai da naka, hujja ce mai nauyi, domin wata gwamnati ce ta karɓe ta tun kafin rigima ta taso. Sai dai ka karanta ta kafin ka miƙa. Idan kamfanin haɗa kaya ne ya fitar da su da sunansa, adadin da ya rubuta yakan sha bamban da naka, kuma takardar da ta saɓa wa sauran tana rusa fayil gaba ɗaya.

Akwai abin da ba a so a ji, amma dole a faɗa. Yayin da kake tara takardun nan za ka iya tarar da kuɗin da ka biya wanda ya kamata ya shiga ƙima, ba ka sa ba. Mai fanka, da ya duba asusunsa, ya ga wasu biya guda biyu da suka shafi wannan kwantena. Dala 1,500 ya tura wa wani kamfani daban da ya buga masa kwalaye masu tambarinsa ya kai masana'anta. Dala 660 kuma ya ba yaronsa da ke zaune a Guangzhou, ladan nemo masana'anta da tsayawa a kan lodi. Kuɗin kwali da ɗauri yana cikin abin da ake ƙarawa a kan farashi, ko da wa aka biya. Ladan wakilin mai saye kuwa, wanda ke wakiltarka kai a wajen sayen, ba ya shiga, muddin an nuna shi daban kuma an nuna cewa naka ne, ba na mai sayarwa ba. Haka kuɗin motar da za ta ɗauko kwantena daga Legas zuwa Kano ba ya shiga.

Shawarata ita ce ka faɗi dala 1,500 ɗin da bakinka. Bayanin asusun da za ka miƙa zai nuna ta ko ka so ko ka ƙi, kuma idan jami'i ne ya tono ta, sauran maganarka ta zama abin zargi. Da ita FOB na gaskiya ya zama dala 23,500, cikon da ya hau kan mai fanka bisa gaskiya ya kama naira 722,644. Abin da ake jayayya a kai ya rage naira 4,094,981.

Wani abu kuma da ya shafi gidajen kasuwanci da yawa a Kano: idan kamfanin da ya sayar maka na ƙanenka ne ko na ɗanka da ke Dubai ko China, ƙa'ida tana ɗaukar ku a matsayin masu alaƙa. Alaƙar kaɗai ba ta isa a ƙi farashinka ba, amma za a so a ga cewa ba ta taɓa farashin ba. Ka nuna inbois ɗin da shi ya saya da shi daga masana'anta, da ribar da ya ɗora, ko farashin da yake sayar wa bare.

In kuwa ka san a ranka inbois ɗin da aka shigar ba shi ne na gaskiya ba, kada ka je ka sa a ƙirƙiro maka takardun da za su goya masa baya. Abin da yake cikon haraji zai koma laifin gabatar da takardun ƙarya, wanda ke iya kai wa ga ƙwace kaya da gurfana a kotu. Ka kawo farashin gaskiya, ka yi jayayya a kan abin da ya haura shi kawai.

Mataki na biyar: wasiƙar

A rubuta ta a kan takardar kamfanin da sunansa ke kan Form M, zuwa ga kwantirolan yankin da kayan suke, a jawo hankalin shugaban sashen ƙima. Kada ta wuce shafi biyu, kuma kada a bar ta ta wuce kwana biyu ko uku da fitowar DN. A sama a sa lambar DN, da ta SGD, da ta PAAR, da ta Form M, da ta kwantena.

Abin da za ta ƙunsa, a jere, shi ne: an karɓi DN mai lamba kaza a rana kaza, kuma ba a yarda da ɗaga farashi daga dala 11 zuwa 16 ba. Ga farashin da aka biya, ga takardun da ke tabbatar da shi, kowace da lambarta a haɗe. Ga dala 1,500 da kamfani ya gano bai sa ba, kuma a shirye yake ya biya cikon naira 722,644 a kanta. Ana neman a bayyana a rubuce dalilin ƙin farashin, da hanyar da aka bi aka samo dala 16, da irin kayan da aka kwatanta. A ƙarshe ana neman a saki kayan bisa lamunin banki kafin a gama duba batun.

Kada a sa zagi, kada a sa kukan tsadar rayuwa, kada a ambaci sunan wani babba da aka sani. Ba su ƙara komai. A kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ka riƙe. Wasiƙar da ba ta da hatimin karɓa kamar ba a kai ta ba ce. Idan kuwa tun a PAAR aka ɗaga farashin, kafin ma a shigar da SGD, to ta bankin da ya buɗe maka Form M ake tura ƙorafin da takardun, kuma ya fi sauƙi a gyara a wannan gaɓar tun kaya ba su fara cin kuɗin ajiya ba.

Mataki na shida: kada kaya su zauna suna jiran hukunci

Wannan lissafin ne mutane ke mantawa idan rai ya ɓaci. Bayan kwanakin alfarma sun ƙare, kamfanin jirgi yana cajin dimareji a kan kwantenarsa, masu tasha kuma suna cajin kuɗin ajiya, kuma dukansu mataki-mataki suke hawa, mako na uku ya fi na farko tsada. Ka sa ejan ya karɓo maka adadin kowace rana daga ɓangarorin biyu. A ce sun haɗu sun kai naira 120,000 a rana. Ka raba naira 4,094,981 da wannan, za ka samu kwana 34. Ma'ana, idan rigimar ta kai kwana 34 kaya na tasha, ko ka yi nasara ɗari bisa ɗari ba ka tsira da komai ba. Ga kuma lokaci: fankar da ta iso a watan Maris, idan ba ta shiga kasuwa ba sai da ruwa ya sauka, kuɗinka ya kwanta har zafin baɗi. Kayan da suka daɗe ƙwarai kuma ana iya sa su cikin waɗanda suka wuce wa'adi a yi gwanjonsu.

Hanya biyu ce ta fitar da kaya ba tare da ka sallama haƙƙinka ba. Ta farko lamuni. Yarjejeniyar da muka ambata ta ce idan tantance ƙima zai ɗauki lokaci, mai kaya yana da damar ɗaukar kayansa idan ya ajiye lamunin da zai rufe harajin da ake iya nema daga baya. Sai ka biya naira 722,644 da ka amince da ita, bankinka ya rubuta wa kwastan lamuni a kan ragowar. Banki zai caje ka ladansa, kuma yakan riƙe kuɗi ko jingina daidai adadin. Ka tambayi kwana nawa zai ɗauka, domin lamunin da zai ci mako biyu kafin ya fito ya riga ya cinye rabin amfaninsa.

Ta biyu ita ce ka biya DN gaba ɗaya, amma kafin ka biya ka shigar da wasiƙa mai hatimin karɓa cewa biyan ba amincewa ba ne, da kalmomin da aka saba rubutawa, `paid under protest`, kana kuma neman a dawo da rarar idan an yanke hukunci. Ta fi sauri, amma karɓo kuɗin da ya riga ya shiga asusun gwamnati yana da wuya kuma yana jan lokaci. Ni idan adadin yana da yawa kuma fayil ɗin yana da ƙarfi, lamuni nake zaɓa. Idan kuɗin kwana huɗu ko biyar na dimareji ya kai abin da ake jayayya a kai, a biya a fita.

Ko wace ka bi, kafin kwantena ta bar tasha ka nemi a ɗauki samfurin kayan a gaban jami'i da ejan ɗinka, a ɗauki hoton kwali da lambar samfuri da farantin da ke jikin injin. Da zarar kaya sun watse a kasuwa, ba ka da abin da za ka nuna cewa fankar mai inci 16 ce.

Mataki na bakwai: zama da sashen ƙima, da abin da ke gaba idan ba a daidaita ba

Idan an kira zama, ka je da kanka ko ka tura wanda ya yi cinikin, tare da ejan. Ejan ya san tasha, amma bai san dalilin da ya sa aka rage maka dala biyu ba. Tambaya ɗaya za ka riƙe: wane kaya aka kwatanta da nawa? Ba lallai a faɗa maka sunan wanda ya shigo da shi ba, wannan sirrinsa ne, amma kana da damar sanin irin kayan, da ƙasar da aka ƙera shi, da yawansa, da lokacin da aka fitar da shi.

A ce a misalinmu ya bayyana cewa dala 16 ɗin ta fanka mai inci 18 ce, mai batirin caji, ta wani sanannen tambari, guda 300. To ba iri ɗaya ba ce sak, kuma da wuya a kira ta mai kama, domin inganci da suna da tambari suna cikin abin da ake dubawa, ga batiri da ke da nasa kuɗin. Nan samfurin da aka ɗauka da takardar masana'anta za su yi aikinsu. Idan ka taɓa shigo da irin fankar nan a watannin baya aka karɓi farashinka, ka zo da tsohuwar SGD ɗin, ita ce kaya iri ɗaya sak da kwastan da kanta ta riga ta amince da ƙimarsa.

Wani lokaci za a yi maka tayin tsakiya, a ce a bar shi a dala 13. Kana iya karɓa idan lissafin kwanaki ya nuna haka ya fi, amma ka san cewa adadin da ka amince da shi yau yana zama a na'ura, kuma da shi za a auna kwantenarka ta gaba.

Idan kwantirola ya tsaya a kan DN, ka nemi hukuncin a rubuce da dalilansa. Da shi za ka ɗaukaka ƙara zuwa ga Kwantirola Janar a hedikwata da ke Abuja, inda sashen haraji da cinikayya ke duba irin wannan. A haɗa fayil ɗin nan dai, da wasiƙar farko mai hatimi, da amsar da aka bayar. Ɗaukaka ƙara haƙƙi ne da ba a cin mutum tara don ya yi amfani da shi, amma yana da wa'adi, saboda haka ranar da hukunci ya zo hannunka ka kai wa lauyan da ya san harkar kwastan. Bayan hedikwata sai Babbar Kotun Tarayya, wadda sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ba ita kaɗai hurumin shari'un kwastan. Kotu tana ɗaukar lokaci da kuɗi. A kan naira miliyan huɗu na kwantena ɗaya ba kasafai take biyan wahalarta ba, sai dai idan kayan ne kake shigowa da su duk wata, inda hukunci ɗaya zai shafi kwantena goma.

Idan an daidaita, kada ka tsaya a kan "an gyara" ta baki. Ka ga sabuwar takardar lissafi a na'ura da adadin da aka amince, ka ga an rufe tsohuwar DN, ka biya abin da ya rage a banki. Sannan ka karɓi wasiƙar sakin lamuni daga kwastan ka kai wa bankinka, domin ba zai saki kuɗin da ya riƙe ba sai ya gan ta. Ka ba direban da zai ɗauko kayan kwafin SGD da DN da rasit da hukuncin da aka yanke, saboda jami'an sintiri da ke hanyar Legas zuwa Kano suna iya tsayar da mota su tambayi dalilin da farashin ya yi ƙasa. Asalin fayil ɗin kuma ya zauna a ofis, domin sashen binciken bayan fito yana iya dawowa kan wannan kwantena bayan an daɗe da sayar da fankar ƙarshe.